Naman Akuya da Naman Rago: A Dubi Kitsen Kafin a Zaɓi Wuta

Akuya da tunkiya tare suke fita kiwo, tare suke dawowa, harawa ɗaya ake zuba musu, amma namansu ba ya son wuta iri ɗaya. Wanda ya ɗora cinyar akuya kan garwashi yadda yake ɗora haƙarƙarin rago zai sauke abu busasshe mai gajiyar da muƙamuƙi. Wadda ta zuba naman ragon turke a tukunya ta dafa shi yadda take dafa na akuya za ta kawo romon da kitse ya rufe samansa, kafin maigida ya wanke hannu ya daskare a bakin kwano. Daga nan sai a ɗora laifin kan runji, a ce ya ba da tsohon nama, alhali sau da yawa naman lafiyarsa lau. Abin da ya raba naman biyu, wajen ɗanɗano da wajen dahuwa, kusan duka yana komawa ga kitse: nawa ne, a ina yake zaune a jikin dabbar, kuma yaya yake yi idan ya ji zafi.

Inda kowace dabba ke ajiye kitsenta

Ranar da aka yanka rago da akuya a gida ɗaya, a tsaya a dube su bayan an gama fiɗa. Ragon da ya sha dusa da harawa za a ga farin kitse ya lulluɓe masa gadon baya da haƙarƙari da gindin wutsiya, idan aka yanka tsokar kuma a ga siraran fararen layuka a tsakaninta. Akuya kuwa, ko ta yi ƙiba, jikinta ja ne kusan ko'ina, sai ɗan tantani a sama. Sai an buɗe cikinta za a tarar da kitsen ya taru a kewayen ƙoda da kan tumbi da hanji. Haka halittarta take, a ciki take ajiya. Jar akuyarmu ta Sakkwato, wadda fatarta ta yi suna har ƙasashen Turai, ita ma haka take, kuma ba ta da girman jiki, don haka tsokarta siririya ce, saurin bushewa gare ta.

Ma'aunin abinci na ma'aikatar aikin gona ta Amurka ya nuna gasasshen naman akuya giram 100 yana ɗauke da kitse kusan giram 3 kawai. Na rago, idan ba a yanke masa kitsen baya ba, yakan ninka wannan sau biyar ko fiye. Dabbobinmu ba irin nasu ba ne, kuma ɗan ragon Yankasa da ya taso a kiwon daji bai kai Balami ko Uda na turke maiƙo ba, amma bambancin yana nan yadda yake: rago ya fi akuya kitse nesa ba kusa ba. Na san da yawa daga cikinmu sun taso suna jin cewa naman akuya yana tayar da tsohon ciwo, har wasu ba sa kusantarsa. Ta fuskar kitse dai, wanda likita ya ce ya rage maiƙo ya fi samun sauƙi a tsokar akuya fiye da haƙarƙarin rago.

Abu na biyu shi ne halin kitsen kansa. Kitsen rago mai tauri ne, ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 45, jikin mutum kuwa digiri 37 ne. Shi ya sa idan naman ya huce sai a ji ya manne a dasashi da saman baki, ruwan sanyi kuma ya ƙara daskarar da shi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato ke wuce digiri 40, ba a cika lura da wannan ba. Da hunturu kuwa, kwanon naman rago ba ya jiran wanda ya tafi alwala.

Ƙamshin da ake cewa na rago, wanda wasu ke so wasu ke gudu, shi ma a cikin kitsen yake, kuma yana ƙaruwa da shekarun dabbar. Tsokar akuya ta fi ja, ɗanɗanonta ya fi ƙarfi da ɗan zaƙi-zaƙi, ba ta da wannan nauyin a baki. Warin da ake tsana a naman akuya yawanci na bunsuru ne wanda ya balaga ba a dandaƙe shi ba. Taure da 'yar akuya ba su da shi sosai.

A gaban teburin runji

Maigida, wannan ɓangaren naka ne. Kafin ka taya, ka san abin da za a dafa, domin shi zai gaya maka dabbar da za ka nema da sashen da za ka ce a yanka maka.

Gane naman ba wuya. Kitsen rago fari ne, mai kauri, idan ka matsa shi da yatsa yana da ƙarfi, har yakan ɓare. Naman akuya ya fi duhun ja, kitsen bayansa kaɗan ne, kuma rundawa da yawa suna barin ɗan gashi a ƙarshen wutsiya don mai saye ya gani da idonsa. Ka kai hanci kusa. Ƙarnin sabon nama daban, warin bunsuru daban, wanda ya taɓa wucewa kusa da garke da damina ya san shi. Idan ka ji shi a ɗanyen nama, dahuwa za ta rage shi, ba za ta kashe shi ba.

Idan da rai za ka saya, a Kara ko kasuwar Achida ko Illela, buɗe bakin dabbar ka dubi haƙoran gaba na ƙasa. Idan duk ƙanana ne masu kama da juna, ba ta wuce shekara ɗaya da 'yan watanni ba. Manya biyu a tsakiya na nufin ta kai shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Manya huɗu, wajen shekara biyu. Idan takwas ɗin duka sun zama manya, ta kusa shekara huɗu ko ta wuce. Wannan lissafin ya fi muhimmanci ga akuya, domin tsohon rago yana da kitsen da zai rufa masa asiri a wuta, tsohuwar akuya ba ta da shi.

Sassan jiki kuma kashi biyu ne. Waɗanda dabbar ke aiki da su kullum, wato wuya da karfata da ƙwauri, cike suke da jijiya, suna son ruwa da dogon lokaci. Gadon baya da tsakiyar cinya ba su da jijiya sosai, suna gasuwa da wuri. Don abin da za mu yi a nan, wato farfesun akuya da gashin rago, ka karɓo kilo ɗaya na karfatar akuya haɗe da wuya, da ƙashinsa, sannan kilo ɗaya na haƙarƙarin rago, ka ce kada a daddatsa shi, a bar shi falle biyu ko uku.

Wanda ya yanka a gida ya kula da abu biyu. Wajen fiɗa, kada gashin dabbar ya riƙa shafar tsoka, kuma hannun da ya riƙe fata kada ya koma kan nama sai an wanke, musamman idan bunsuru ne, domin mafi yawan warinsa a fata da gashi yake. Sannan kada a jefa nama da ɗuminsa cikin firiza. Tsokar da sanyi ya kama tun ba ta saki ba takan takure ta yi tauri, kuma akuya ta fi faɗawa wannan tunda ba ta da kitsen da zai kare ta. A rataye shi a inuwa inda iska ke wucewa, a rufe da ƙyalle mai tsabta saboda ƙuda, ya sha iska na 'yan awanni, sannan ya kwana a firji. Idan babu wutar lantarki, a zafin garin nan ba a barin ɗanyen nama ya kwana, a dafa shi a ranar.

Karfatar akuya a tukunya

Uwargida, ga kilo ɗayan nan a gabanki. Aikin da ke jiranki shi ne ki narkar da jijiyar ba tare da tsokar ta bushe ba. Jijiya idan ta daɗe a cikin ruwa mai zafi takan narke ta zama danƙo, shi ne ke ba romo kauri, shi ne kuma ke maye gurbin kitsen da akuya ba ta da shi. Wannan narkewar lokaci take so. Ƙara wuta ba ya gaggauta ta, sai dai ya matse tsokar ta zubar da ruwanta.

Ki yanka naman manya-manya, kowane kamar rabin dunƙulen hannu. Ƙananan yanka suna ƙanƙancewa su yi tauri kafin jijiya ta saki. Ki wanke sau ɗaya ki tsane a kwando. Yawan jiƙa shi a ruwa yana wanke ɗanɗano ne kawai. Idan kin ji alamar wari, ki matse lemun tsami ɗaya ki cuɗa, ki bar shi minti 10, ki ɗauraye. Ki duba cikin ɗan kitsen da ke tsakanin karfata da wuya, akan sami kaluluwa, 'yar ƙwaya mai launin toka, ki cire ta ki yar.

Kayan haɗin su ne albasa manya 2, tafarnuwa ƙwaya 5, ɗanyar citta kamar babban yatsa, masoro rabin ƙaramin cokali, kanumfari 3, kimba 1, tarugu 2 ko 3 gwargwadon bakin mutanen gida, daddawa 1, gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, da man gyaɗa babban cokali 2. Kimba ɗaya ta isa. Idan ta yi yawa ɗaci take kawowa, kuma naman akuya ba ya da maiƙon da zai ɓoye ɗacin.

Ki daka tafarnuwa da citta da masoro da kanumfari, ki cuɗa naman da su da gishiri da man gyaɗan, ki yanka albasa ɗaya a kai. Ki zuba a tukunya mai kauri, ki rufe, ki ɗora a matsakaiciyar wuta ba tare da ruwa ba. Cikin minti 10 zuwa 15 naman zai fitar da nasa ruwan, ya tafasa a ciki. Wannan matakin ne ke shigar da kayan ƙamshi cikin tsoka, kuma ina ganin shi ya raba farfesun da ake tunawa da wanda ake sha a manta. Ki juya sau ɗaya ko biyu. Idan ruwan ya kusa ƙafewa, kika ji ƙamshin ya sauya daga na ɗanyen nama zuwa na soyayye, lokacin ƙara ruwa ya yi.

Ruwan zafi za ki zuba, kimanin lita ɗaya, ya ɗan rufe naman kawai. Ki fasa kimbar ki jefa, ki sa dakakkiyar daddawa. Da ya tafaso ki kwashe kumfar da ta taso, sannan ki rage wuta sosai. A murhun gawayi, ki janye rabin garwashin. A na gas, ki mayar da shi can ƙasa. Abin da ake so a gani idan an ɗaga murfi shi ne ruwan yana ɗan motsi, ƙwayar tafasa tana fitowa nan da can. Idan tukunyar tana ɓararraka har murfi na rawa, wutar ta yi yawa.

Daga nan sai haƙuri. 'Yar akuya ko tauren da bai wuce shekara ɗaya da rabi ba yakan nuna cikin awa ɗaya da rabi. Mai manyan haƙora huɗu zuwa sama tana iya cin awa biyu da rabi, har uku. A tukunyar furesha, minti 35 zuwa 45 ya ishi yawancinsu. Akwai lokacin da ke ruɗar masu girki, wajen minti 40 zuwa awa ɗaya da fara dahuwa: a ɗauko yanka ɗaya a taɓa, a ji ya fi yadda aka zuba shi tauri. Haka ya kamata ya kasance. Tsokar ta matse, jijiyar ba ta fara narkewa ba. Nan ne wasu ke fid da rai su sauke, wasu su ƙara wuta, wasu su jefa kanwa. Kanwa tana tausasa nama, gaskiya ne, amma tana baƙanta shi, ta ba shi wani santsi, ta kashe ɗanɗanon romo. Masu jefa ƙwayar farasitamol kuwa, don Allah a daina, magani ne mai iya lahanta hanta, ba kayan miya ba ne. Wadda ta san tsohon nama aka kawo mata, ta naɗe shi a dakakken ɗanyen ganyen gwanda na awa ɗaya kafin dahuwa, ta wanke. Gwanda tana da sinadarin da ke sassauta tsoka. Kada dai ya wuce haka, saman naman zai yi laɓo-laɓo.

Alamar nuna guda uku ce. Naman ya ja da baya daga bakin ƙashi. Cokali mai yatsu yana shiga ya fito ba tare da ya ɗago yankan ba. Idan kika ɗiga romon tsakanin yatsu biyu ya ɗan huce, za ki ji yana mannewa. A nan za ki sa jajjagaggen tarugu da sauran albasar, ki ɗanɗana gishiri, ki ƙara dunƙule idan kina so, ki ba shi minti 10. Ki kashe wuta ki bar shi a rufe na wasu minti 10 ɗin kafin ki zuba, naman yakan sake tsotsar romo yana hucewa.

Idan an sauke aka ga bai yi daidai ba, ga yadda ake gane inda matsalar take. Naman da ke da tauri yana kuma jan haƙori kamar roba, lokaci ne bai ishe shi ba, a mayar da shi wuta da ɗan ruwan zafi. Wanda ke wargajewa zare-zare amma a baki a ji shi a bushe, wuta ce ta yi masa yawa, ko kuma zallar tsokar cinya aka dafa ba jijiya ba ƙashi. Wannan ba ya gyaruwa, sai dai a daka shi a yi dambu. Romon da ya fito tsararo, ruwa aka cika tun farko. A tsame naman, a bar romon ya tafasa a buɗe har ya ragu.

Haƙarƙarin rago a kan garwashi

Nan aikin ya juya. Ba a neman ƙara wa naman maiƙo, ana neman fitar da wanda ya yi yawa, a bar daidai wanda zai jiƙa tsokar.

Ka shimfiɗa fallen haƙarƙarin ka dubi kaurin kitsen bayansa. Duk inda ya wuce kaurin rabin ɗan yatsa, ka rage shi da wuƙa, ka ajiye abin da ka yanke, yana da amfani. Kada ka kwashe duka. Sauran ka tsattsaga shi da bakin wuƙa a gicciye, ba tare da ka shiga tsoka ba, don zafi ya sami hanya. Ka juya cikin, akwai tantani a manne da ƙasusuwan, ka ɗaga gefensa ka ja ya fita. Gishiri ƙaramin cokali ɗaya da rabi, dakakkiyar tafarnuwa da citta, shi ke nan. Ba a shafa wa rago mai. Yajin ƙuli kuma ba yanzu ba, domin garin ƙuli-ƙuli yana ƙonewa tun kafin nama ya yi nisa, ya bar ɗaci. Ka bar naman da gishirinsa kamar minti 30 yayin da kake haɗa wuta.

Gawayi ya kama duka, harshen wuta ya mutu, farar toka ta hau kansa. Ka tura mafi yawan garwashin gefe ɗaya, ɗaya gefen ka bar kaɗan. Ka gwada da tafin hannu a daidai tsayin wayar gashi. Gefen da za ka iya riƙe hannu daƙiƙa biyar zuwa shida kafin ka janye, nan za a fara. Ka ɗora naman kitsen yana kallon ƙasa. Za ka ji yana ɗiga a hankali, yana ɗan tsartsatsi. Idan wuta ta tashi, ka ja naman gefe har ta kwanta. Kada ka watsa ruwa, toka za ta tashi ta hau naman. Harshen wutar da kitse ya tayar shi ne ke sa baƙin hayaƙi mai ƙauri, shi ne kuma dalilin da ake samun nama baƙi a waje, ɗanye a jikin ƙashi.

Minti 20 zuwa 25 kitsen zai yi a ƙasa, har ya ragu ya koma ruwan zuma, tsagar da ka yi ta buɗe. Sannan ka juya, ɓangaren ƙashi ya sami minti 15. Daga nan ka riƙa juyawa duk bayan minti biyar har jimillar ta kai wajen minti 50 ko awa ɗaya.

Wanda ya tsaya ya kalli masu balangu da yamma zai ga ba daga wuta suke miƙa wa mutum kai tsaye ba. Sukan tara naman a gefe, a rufe, yana turara a cikin ruwansa. A gida ma haka za ka yi. Ka yanka shi bin ƙashi, ka zuba a tukunya mai murfi ko ka naɗe a takardar foyil, da yankakkiyar albasa ɗaya da ruwa babban cokali 2, ka ajiye a gefen da garwashi ke da sauƙi na minti 20 zuwa 30. Takardar buhun siminti da wasu ke naɗe nama da ita ba ta dace da abinci ba. Wannan turarawar ita ke narkar da jijiyar da ke tsakanin ƙasusuwa. Idan ragon ya manyanta, ka ba shi minti 40.

Da ka buɗe za ka tarar da narkakken kitse ya taru a ƙasa. Ka tsiyaye shi. Ka mayar da naman gefen wuta mai ƙarfi, minti ɗaya ko biyu kowane ɓangare, bayansa ya sake ƙamewa. Yanzu ne za a barbaɗa yaji. Ya nuna idan ƙashi yana juyawa a cikin tsoka, ruwan da ke fita kuma ba jini a cikinsa.

A kawo shi da zafinsa, a cikin kwanon da aka ɗauraye da ruwan zafi idan lokacin sanyi ne, da ɗanyar albasa da tumatir da lemun tsami. Tsami da kaifin albasa suna yanke maiƙo. A bi shi da shayi mai zafi, ruwan ƙanƙara ya jira.

Gashin layya da muke yi a nan, inda ake buɗe rago gaba ɗaya a soke shi da sanduna a jera kewaye da wuta ya wuni, dabara ɗaya ce da wannan: zafi daga nesa, lokaci mai tsawo, kitsen baya yana narkewa yana bin jikin naman. Gidan da ya yanka akuya ya jera ta tare da raguna, ya matsar da ita baya kaɗan, a riƙa shafa mata man gyaɗa ko narkakken kitse, a kuma sauke ta kafin su.

Idan naman da ke hannu ba shi ne na wutar ba

Ba kullum ake samun zaɓi ba. Wata rana akuya ce a gida kuma gashi ake marmari. A ɗauki tsakiyar cinya ko gadon bayan ƙaramar dabba, a yanka falle-falle siriri, a gicciye da zaren tsokar, a cuɗa da man gyaɗa babban cokali 3 a kowane kilo, a soke a tsinke irin na tsire. Wuta mai ƙarfi, minti uku zuwa huɗu kowane gefe, a sauke. Ga akuya a kan garwashi, ko dai a yi maza a sauke, ko a fara sulala ta a tukunya har ta yi taushi sannan a nuna mata wuta ta yi ja. Tsaka-tsakin nan, wato manyan yanka a matsakaiciyar wuta na rabin awa, shi ne ke ɓata ta. Kitsen ragon da aka yanke ɗazu, a tsarga shi ƙanana tsakanin yankan akuya a jikin tsinke, zai jiƙa ta yana narkewa.

Wata rana kuma rago ne za a yi miya da shi. A yanke kitsen baya tun yana ɗanye, a tafasa naman shi kaɗai, a sauke tukunyar ta natsu minti biyar, a kwashe man da ya taso da ludayi. Mai firji ta sa romon ya kwana, da safe kitsen ya zama faifai a sama, a ɗauke shi da hannu. Man da aka saba zubawa a miyar a rage shi rabi ko a bar shi gaba ɗaya. Rago ya fi dacewa da miya mai tsami, irin ta yakuwa ko taushen da aka sa wa yakuwa ko ta tumatir. Miyar kuka da ta kuɓewa busasshiya, waɗanda ake so su yi kauri ba maiƙo, sun fi karɓar akuya.

Suyar ajiya ta bayan Sallah ma ba ɗaya ba ce. Naman rago ana tafasa shi da gishiri da kayan ƙamshi har ruwan ya ƙafe, sai ya ci gaba da soyuwa a cikin kitsensa, sau da yawa ba a buƙatar ƙarin mai. Na akuya sai an zuba man gyaɗa ko kakiden rago, kuma a tabbata ya yi taushi tun a tafasa, domin suya ba ta tausasa nama, ƙara ƙamar da shi take yi. Duka biyun a soya har kumfar man ta kwanta, ƙarar tsartsatsi ta ragu, wannan ke nuna ruwan cikin naman ya fita, kuma ruwan da ya rage a ciki shi ne ke sa fumfuna. A tsane a kwando, a baza a faranti ya huce sarai kafin a rufe. A ajiye su a mazubi daban-daban. Duk ranar da za a ci, a ɗumama na ragon a kasko har kitsen ya narke ya yi ƙyalli.